Buhun Shinkafa Ɗaya, Tukwane Uku: Yadda Lissafin Lokaci da Itace Ya Kuɓuce a Wani Gidan Biki

Bikin a wata unguwa aka yi shi a bayan garin Kano, cikin watan Janairu, hunturu na tsakiyar kaɗawa. An sa ɗaurin aure ƙarfe 11 na safiyar Asabar, ana so abinci ya fita ƙarfe 12, kuma an ƙiyasta baƙi ɗari huɗu tsakanin maza a ƙofar gida da mata a ciki. Abincin shinkafa ce fara da miya da nama. An sayi buhu ɗaya mai kilo 50 na turarriyar shinkafa, da aka auna ya ba da kwano ashirin, wato kowane kwano kilo biyu da rabi. Kilo ɗaya na ciyar da mutum bakwai zuwa takwas idan ba a cika faranti ba, saboda haka buhun ya isa. Nama kilo 25. Kayan miya kuma, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, da aka dawo da su daga inji sun kai lita 40.

Tukwanen haya uku ne, duk na alminiyam irin wanda maƙera ke zubawa. Babbar faɗinta santimita 75, zurfinta 50, tana cin ruwa kusan jarka tara mai lita 25. Sauran biyun matsakaita ne, faɗi 60, zurfi 40, kowacce jarka huɗu da rabi. Na ambaci jarka ne don lambar da ake bugawa a jikin tukunya ba abin dogaro ba ce, kowane maƙeri da tasa. Wanda zai yi girkin taro gara ya cika tukunyar da ruwa tun ana gobe ya ƙirga jarkokin da ta ci.

Mutum biyu ne suka tsara aikin. Kawun amarya shi ya riƙe sayayya, goggonta kuma ta riƙe madafa. Dukansu daga tukunyar gida suka ɗauko lissafinsu. Goggo tana dafa kwano ɗaya a gidanta cikin minti 45: minti 15 ruwa ya tafasa, minti 30 shinkafa ta nuna. Tana zuba ruwa ninki biyu na shinkafar, kuma damin itace ɗaya, irin wanda yaro ke ɗaukowa a ka, mai nauyin kilo goma ko kusa da haka, yana yi mata girki uku.

Kawu ya ninka. Kwano ashirin, dami ɗaya na dafa uku, ke nan dami bakwai na shinkafa; ya ƙara uku na miya da nama, ya sayo goma. Goggo ta ninka ruwa, amma lokaci ta bar shi yadda yake. A ganinta shinkafa shinkafa ce, ko a wace tukunya take minti 30 za ta nuna, don haka idan aka ɗora ruwa ƙarfe 10 har da rara. An kuma ɗauko wata dattijuwa mai girkin biki a unguwar, kowa Iya yake ce mata, amma miya kaɗai aka ba ta, don matan gidan sun ce shinkafa ba ta gagare su ba.

Yadda safiyar ta tafi

An hura wuta biyu bayan sallar asuba. Ƙarfe shida da rabi nama na kan matsakaiciya ɗaya, markaɗe na kan ɗayar. Nama bai ba da wahala ba, ƙarfe takwas da rabi an sauke shi ana soyawa. Markaɗen ne ya ƙi. Goggo ta ba shi awa ɗaya, sai da ya ci uku kafin ya tsane, kuma duk tsawon lokacin wuta ce mai ƙarfi a ƙarƙashinsa. Kafin a ɗora ruwan shinkafa, dami shida sun riga sun zama toka.

Ƙarfe 10 aka ɗora babbar tukunya a kan duwatsu uku a tsakar gida, inda iska ke ratsawa daga zaure. An zuba jarka uku, lita 75, don kwano goma sha biyu. Ba a rufe ba, saboda murfin yana da nauyi kuma kowa na son ya riƙa leƙawa. Ruwan bai tafasa ba sai 11:20. Aka juye wankakkiyar shinkafa kilo 30, tafasar ta mutu nan take, ba ta dawo ba sai 11:40. A lokacin an ɗaura aure, maza sun cika rumfa, ana ta aiko yara su tambaya. Abin da hankali ke ba mutum a irin wannan hali shi aka yi: aka iza wuta da duk faskaren da ke kusa, wata ta ɗauki muciya tana juyawa. Ƙarfe 12 ƙauri ya tashi, alhali ruwa na kwance a saman shinkafar.

Tun 10:30, da Iya ta ga ruwan babbar tukunya ko motsi bai fara ba, ta ce wa Goggo, "Hajiya, ki ba ni kwano takwas ɗin da suka rage in ɗora a wannan da aka sauke nama. Waccan ba za ta kai ku sha biyu ba." Ta ja murhunta jikin katanga, ta jingina tsohon kwanon rufi ta ɓangaren da iska ke fitowa, ta zuba jarka ɗaya da rabi, ta rufe. Minti 40 ya tafasa. Ta zuba shinkafa, bayan minti goma tafasa ta dawo. Ta bar ta minti goma sha biyar, har ruwan ya sauka daidai da fuskar shinkafar, ƙananan ramuka suka fara buɗewa tururi na fita. Nan ta janye itacen kaf, ta baza garwashi, ta shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle a kai, ta mayar da murfi ta danne da dutse. Sau ɗaya ta buɗe, ta ɗago ta ƙasa zuwa sama da faffaɗan ludayi. Ƙarfe 12 ta sauke, warwar. Dami ɗaya da 'yan faskare ta ƙona. Wannan tukunyar ce ta ciyar da mazan ɗaurin aure.

Dalilin da ruwan ya ƙi tafasa

Maganar Goggo tana da gaskiya a rabinta. Daga sanda ruwa ya tafasa, ƙwayar shinkafa ba ta san girman tukunyar da take ciki ba, lokacin nunarta kusan ɗaya ne. Haka nama: girman yanka da tsufan dabba ne ke sa ya daɗe ko ya yi sauri. Abin da ke canzawa shi ne tafiyar da ake yi kafin a kai ga tafasar.

Zafi ta gindi yake shiga tukunya, kuma gindi ba ya girma daidai da ciki. Ɗauki tukunyar gida mai faɗin santimita 30 da zurfin 20, tana cin lita 14. Idan aka ninka faɗin da zurfin, aka sami irin matsakaitan nan masu 60 da 40, abin da take ci ya ninku sau takwas, amma gindinta sau huɗu kawai ya ninku. Kowane tafin hannu na gindin yanzu yana ɗauke da ruwa ninki biyu. Ko da wutar ta mamaye gindin gaba ɗaya, wanda da wuya ta yi a murhun duwatsu uku, sai an ninka lokacin jira. A babbar tukunyar bikin nan, ruwan ya ninka na gidan Goggo sau goma sha biyu, gindin kuwa sau shida da ɗan kai.

Sai hunturu ya ƙara nasa. Ruwan da ya kwana a jarka a watan Janairu ya fi na bazara sanyi sosai, iska na kwashe harshen wuta daga ƙarƙashin tukunya tana watsar da shi gefe, kuma buɗaɗɗen baki mai faɗin santimita 75 yana zubar da zafi tun kafin a ga kumfa. Murhun duwatsu uku dama ɗan kaɗan yake isarwa: cikin kashi goma na zafin da itace ke bayarwa, ɗaya ne ko ɗaya da rabi ke shiga tukunya, saura iska ce ke sha. Da busasshen itace, kilo ɗaya yana tafasa lita shida zuwa bakwai. Jarka uku ke nan sai sun ci dami guda da ƙari kafin a zuba ko ƙwaya ɗaya.

Akwai kuma jira na biyu da kusan kowa ke mantawa da shi. Kwano ɗaya na shinkafa a tukunyar gida yana kashe tafasa na minti biyu ko uku, ba a ma lura. Kilo 30 na jiƙaƙƙiyar shinkafa mai sanyi kuwa ta ja ruwan baya sosai, ta ci minti ashirin. A tsarin girkin taro wannan jira yana da gurbinsa a agogo.

Ruwan da ya yi yawa, da wutar da ta ƙona ƙasa

Ruwa ninki biyu da ake zubawa a gida ba duka shinkafar ke shanyewa ba. Kwano ɗaya kusan lita uku ne. Cikin lita shida da Goggo ke zubawa, wajen huɗu ne ke shiga ƙwayar, sauran biyun tururi ne da abin da ke bori ta gefen murfi. Abin da shinkafa ke sha shi ke ninkuwa da yawan kwano. Abin da ke tashi sama kuwa faɗin tukunya da wutar da ke ƙarƙashinta yake bi. Da aka ninka shida sau goma sha biyu, an ware wa tururi lita 24 ba a sani ba, alhali tukunyar rabin haka za ta iya fitarwa a lokacin da shinkafar ke buƙata. Rabin jarka ya rage ba shi da wurin zuwa. Iya ta zuba lita huɗu da rabi ga kowane kwano, wato ninki ɗaya da rabi, kuma a ganina wannan ne wurin farawa ga turarriyar shinkafa a kowace tukunyar da ta wuce kwano biyar. Idan ya gaza, yayyafa tafasasshen ruwa daga buta abu ne mai sauƙi. Shi ya sa masu girkin biki ke ajiye ƙaramar tukunyar ruwan zafi a gefen wuta. Sabuwar shinkafa 'yar gida da ba a turara ba ta fi haka ƙin ruwa, kuma ta fi saurin caɓewa.

Abin da ya fi ɗaure wa matan gidan kai shi ne yadda tukunya za ta ƙone da ruwa a samanta. Sanda ruwa zalla ke tafasa, na ƙasa yana hawa, na sama yana sauka, zafin yana zagayawa. Da shinkafa ta fara kumbura sai ta toshe wannan hanya. Ruwan ya yi kauri da sitaci, ƙwayoyin ƙasa sun danne juna da nauyin na sama, ruwan da ke jikin gindin ya ƙafe, na sama bai samu ya gangaro da sauri ba. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka tura, saboda haka ƙarin wuta bai ƙara wa shinkafar saurin nuna ba ko da minti ɗaya. Gindin da ya bushe ne kaɗai ke iya wuce wannan zafi, kuma shi ya karɓi duk itacen da aka iza. Muciya ta ƙarasa ɓarnar, don juyawa yana farfasa ƙwaya, ya saki sitaci, ruwan ya ƙara kauri.

Babbar tukunya tana da wata baiwa da ta gida ba ta da ita. Yadda take jinkirin ɗaukar zafi, haka take jinkirin sakinsa. Lita sittin na shinkafa mai tururi a cikin alminiyam mai kauri, a kan ƙasa da duwatsun da suka sha wuta, za su ƙarasa dahuwa da kansu. Don haka a girkin taro wuta mai ƙarfi ta farko ce kawai, daga ɗorawa zuwa dawowar tafasa da 'yan mintocin da ruwa ke sauka. Daga nan garwashi. Alamar janyewa ita ce wadda Iya ta bi, ruwa ya daidaita da shinkafa, ramuka sun buɗe. Kunne ma yana faɗa: muddin ana jin ɓulɓul akwai ruwa a ƙasa, idan ya koma ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye to gindi ya fara kamawa. Wanda ya jira hanci ya makara.

Nan ne irin itacen ke da muhimmanci. Marke da ƙirya suna barin garwashi mai daɗewa, su ake so a ƙarƙashin shinkafar da ake turarawa. Darbejiya da ta bushe sosai tana yi. Kara da kirare na tayar da wuta ne, suna ci bal-bal su mutu ba su bar komai ba. Ɗanyen itace kuwa kusan rabinsa ruwa ne, sai wutar ta fara busar da shi kafin ta waiwayi tukunya, ga hayaƙin da ke shiga abinci. Cikin damin da Kawu ya sayo akwai biyu masu ɗanye-ɗanye; ana gane su da nauyi, da kumfar da ke fita a gutsun faskaren idan ya hau wuta.

Ceton babbar tukunyar bai ɗauki dabara mai yawa ba. Iya ta sa aka janye wutar duka, aka kwashe ruwan saman da ƙwarya, ya kusa cika bokiti. Aka ɗebo shinkafar sama da ta tsakiya a hankali zuwa matsakaiciyar da ta sauke, ba a bari ludayi ya taɓa ƙasa ba, don da zarar an kankaro ƙonannen ƙaurin ya bi duka. Aka turara a kan garwashi. Ta fita ƙarfe ɗaya da kwata, ta ɗan yi laushi amma ta ciwu. Wajen kwano biyu ne suka tafi tsakanin ƙanzo da caɓi.

Inda itacen ya tafi

Da aka zauna lissafi da yamma, jimillar Kawu ba ta yi nisa da gaskiya ba, an ƙona dami goma sha ɗaya da wani abu, sai da aka aika aka ƙaro biyu. Rabon ne ya juye. Shinkafar da ya ware wa bakwai huɗu da ɗan kai ta ci, uku a babbar tukunya, ɗaya da 'yan faskare a ta Iya. Da duka buhun aka dafa yadda Iya ta yi, uku sun isa. Miya da nama da ya ware wa uku sun ci shida: ɗaya da rabi na dafa nama, uku na markaɗe, ɗaya da rabi na suyar nama da ta miya. Ɗaya kuma ya tafi a ruwan zafi na wanke-wanke da na shayin masu aiki, wanda ba wanda ya sa a lissafi.

Shinkafa tana rage cin itace idan aka yi ta da yawa, saboda babbar tukunya ta fi tare harshen wuta, kuma rabin dahuwar garwashi ke yi. Markaɗe ba ya samun wannan rangwame, don aikinsa ƙafewa ne. Zafin da ake buƙata a ƙafar da lita ɗaya ta ruwa ya zama tururi ya kai wanda zai tafasa lita bakwai daga sanyi. Markaɗe lita 40 da ake so ya koma 20 sai an kori lita ashirin ta sama, daidai yake da tafasa lita 140, kusan ninki biyu na ruwan babbar tukunyar shinkafa. Kuma ba a rufe shi, ba a janye masa wuta. Tukunyar da kowa ke ɗauka ƙaramin aiki ce ta ci itace daidai da babbar tukunyar shinkafa.

Raba markaɗe gida biyu a kan wuta biyu yana rage lokacin zuwa rabi, amma itacen yana nan yadda yake, ruwan da za a kora bai ragu ba. Wanda ke son rage itace sai ya rage ruwan tun daga tushe. A hana mai inji ƙara ruwa wajen markaɗe fiye da abin da zai sa injin ya juya. A bar shi ya yi tafasa ɗaya, a juye a kwando da aka shimfiɗa wa ƙyalle, ruwan ya tsiyaye da kansa, a ajiye shi don sassauta miyar daga baya. Wasu kuma suna haɗawa da kauɗar tumatir ko na gwangwani, waɗanda an riga an raba su da ruwansu. Tumatirin rani na lambu, irin wanda ake samu da araha a watan Janairu, ruwa ne da shi sosai, arahar tasa a wurin mai itace ake biyan ta.

Ranar Lahadi

Washegari akwai yinin mata, an ƙiyasta mutum ɗari biyu, kwano goma. Wannan karon Iya aka bar wa komai, kuma daga lokacin cin abinci ta fara ƙirga tana komawa baya. Ana so a fara rabo ƙarfe biyu. Zubawa a kuloli da kaiwa rumfa rabin awa. Turarawa minti 25, tafasa da shinkafa a ciki minti 15, dawowar tafasa minti goma, tafasar ruwa rabin awa, hura wuta har ta kama sosai minti 15. Ta ƙara rabin awa na abin da ba a sani ba. Lissafin ya kai ta wajen sha ɗaya da rabi, a lokacin aka kunna.

Babbar tukunyar ba ta ɗora ta ba sam, ta ce a cika ta da ruwan wanke-wanke. Ta raba shinkafar biyar-biyar a matsakaitan biyu, ta ce ba ta son dafaffiyar shinkafa ta wuce rabin tukunya, kuma mace biyu su iya sauke ta ba sai an kira samari ba. Ta sa aka haƙa ɗan rami a ƙarƙashin kowane murhu, tazarar gindin tukunya da itace ta zama kamar ɗani ɗaya. Idan ta gaza haka wuta na shaƙewa ta yi hayaƙi, idan ta wuce harshen ba ya kaiwa. Markaɗen tun daren Asabar aka tafasa shi aka tsane, da safe suya kawai aka yi.

Goggo ta so a dafa shinkafar tun da sassafe a zuba a kula, kada a maimaita na jiya. Iya ta ce, "A'a Hajiya, shinkafar da ta yi awa shida a kula tana gumi, kafin la'asar ta fara yauƙi." Tana da hujja. Dafaffiyar shinkafa idan ta sauka ƙasa da digiri 60 ta zauna da ɗumi-ɗumi na sa'o'i, ƙwayoyin cutar da tafasa ba ta kashewa suna farfaɗowa, kuma ɗumamawa daga baya ba ya kawar da dafin da suka bari. Abin da ake dafawa da wuri shi ne nama da miya, waɗanda ake iya sake tafasawa. Shinkafa ita ce ta ƙarshe a hawa wuta.

An sauke tukwanen biyu ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, suka jira a rufe a kan toka mai zafi har lokacin zubawa. Shinkafar kwano goma ta ci dami ɗaya da rabi.